Yadda Ake Zaɓar Hoton Neman Aure Daga Cikin Hotunan Da Ke Waya

Neman aure ta waya ya zama ruwan dare a Arewa. Wasu na shiga manhajoji irin su Muzz, wadda a da ake kira Muzmatch kafin ta sauya suna a 2022. Wasu kuma na tura bayanansu ga masu dalilin aure da ke aiki a WhatsApp da Instagram da Facebook. A garuruwa irin su Jangeru da Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda, abin da aka fi sabawa da shi bai ma kai nan ba: yaya ce ko gwaggo za ta ce a turo mata hoto, akwai wanda za ta nuna wa. Ko ta wace hanya aka bi, tambayar ɗaya ce. Waya cike take da hotuna, wanne za a bayar?

Yawancin mutane na buɗe ma'ajiyar hotuna su ɗauko wanda suka fi so. Matsalar ita ce mai hoto ba shi ne ya fi iya zaɓar hoton kansa ba. Hanyar da ta fi ita ce a tankaɗe hotunan mataki-mataki, a zubar da waɗanda ba su dace ba, sannan a bar wa wasu idanu zaɓin ƙarshe.

Me ya sa mai hoto ke zaɓar wanda bai dace ba?

A 2017 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna David White da abokan aikinsa a Jami'ar New South Wales ta ƙasar Ostireliya sun gwada wannan. Sun sa ɗalibai 102 kowa ya kawo hotunansa 12, ya zaɓi waɗanda zai ɗora a shafin zumunta da na neman masoyi da na neman aiki. Sannan kowa ya yi irin wannan zaɓi a cikin hotunan wani da bai sani ba. Da aka nuna wa wasu mutane daban hotunan, sai aka ga waɗanda baƙi suka zaɓa sun fi barin kyakkyawan zato a zuciyar mai kallo fiye da waɗanda masu fuskar suka zaɓa da kansu, musamman ta fuskar amana da cancanta. A neman aure kuwa amana ce jarin farko.

Dalili ɗaya shi ne sabo. Mutum ya saba ganin fuskarsa a madubi, wato a juye, dama ta koma hagu. Kyamarar gaba ta wayoyi da yawa ma haka take nuna fuska, wasu har su ajiye hoton a juyen. Don haka salfi yakan yi wa mai shi daɗin kallo, alhali 'yan'uwansa da abokansa ɗaya fuskar suka sani. Dalili na biyu shi ne mutum yana kallon hotonsa tare da tuna ranar da aka ɗauka: ranar salla ce, kayan sababbi ne, rai fes. Wanda za a nuna wa bai san wannan ba. Fuska kawai zai gani, kuma binciken Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton a 2006 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya isa mai kallo ya yanke hukuncin farko a kan fuska.

Misalin da za a bi

A ɗauka wata budurwa ce a Kaura Namoda da ta gama difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin. Yayarta ta ce ta turo hoto guda, za ta kai wa wata mai dalilin aure a Gusau. Ta ware hotuna shida.

Na ɗaya na bikin ƙawarta ne, shekara biyu da suka wuce, mai kwalliya ta yi mata kwalliya, mai hoto kuma ya gyara. Na biyu salfi ne a ɗaki da dare, shi ne ta fi so. Na uku ƙanenta ya ɗauke ta tsaye a ƙofar gida ranar ƙaramar salla da wayarta. Na huɗu na ranar gama makaranta ne tare da ƙawaye uku, wata ce ta turo mata ta WhatsApp. Na biyar ƙanwarta ta ɗauka a tsakar gida bayan la'asar, daga ƙirji zuwa sama. Na shida a falo ne, sanye da farin hijabi, taga na gefenta.

Mataki na farko: me hoton ke tonawa?

A wannan yanki da ke fama da satar mutane don kuɗin fansa, tambayar farko ba ta kyau ba ce, ta tsaro ce. Hoton da aka ba mai dalilin aure zai iya wucewa ta hannu biyar kafin ya isa inda aka nufa, kuma da zarar ya bar waya ba a iya janyo shi.

Hoto na tona asiri ta hanya biyu. Ta farko ita ce abin da ido ke gani a bayan mutum. A hoto na uku, idan aka buɗa shi da yatsu biyu, ana iya karanta allon shagon da ke kusa da gidan, ana kuma ganin lambar motar mahaifinta. Wanda ya san garin zai iya zuwa ƙofar gidan ba tare da ya tambayi kowa ba, ya kuma ƙiyasta abin hannun mai gidan. Sauran abubuwan dubawa su ne katin shaidar makaranta ko na aiki a wuya, tambarin kayan makaranta, hasumiyar masallacin unguwa, da fuskokin yara.

Hanya ta biyu ɓoyayya ce. Kyamarar waya na rubuta wasu bayanai a cikin fayil ɗin hoto, ana kiransu EXIF: ranar ɗauka, samfurin waya, kuma idan an ba kyamarar izinin sanin wuri, har da inda aka tsaya. Lambobi biyu ne da za a kwafa a zuba a Google Maps, su nuna wurin da kuskuren 'yan mitoci kawai. Don dubawa, a buɗe hoton a Gallery ko Google Photos, a shiga Details, ko a ja hoton sama. Idan taswira ko sunan gari ya fito, hoton na ɗauke da wurin.

A nan ne mutane ke faɗawa tarko. Idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar na goge waɗannan bayanai. Amma da yawa sun koyi turawa ta Document don kada hoton ya dusashe, kuma Document na tura fayil ɗin ne yadda yake, har da wurin. Saboda haka hoton neman aure ba a tura shi ta Document. Wanda ke son inganci sai ya danna HD, wanda WhatsApp ta ƙara a 2023. Don gaba kuma, a shiga saitin kyamara a kashe abin da ake rubutawa Location ko Location tags ko Save location, ya danganta da wayar.

Akwai abu na uku da ake mantawa. Idan hoton yana kan buɗaɗɗen shafin Facebook ko Instagram da cikakken suna, wanda aka ba shi zai iya neman irinsa ta Google Lens, wani lokaci ya kai ga shafin. Hoton da ba a taɓa ɗorawa ko'ina ba ya fi.

A wannan mataki hoto na uku ya faɗi yadda yake, sai dai in an yanke shi. Na huɗu ma da matsala, domin ƙawayen nan uku ba su ba da izinin a kai fuskokinsu gaban mai neman aure ba.

Mataki na biyu: shin ita ce?

Amfanin hoton shi ne ya kai ga ranar da za a zo gani. Idan saurayi ya shigo zaure ya ga wata fuska daban, hoton ya yi ɓarna, domin abin da zai fara zarga shi ne gaskiyar mai shi, kuma zancen zai koma kunnen wadda ta haɗa su.

Abu na farko shi ne shekarun hoton. Sunan fayil kan faɗi ranar. Wanda kyamarar waya ta ɗauka yakan zo kamar haka: IMG_20240410_163012.jpg, wato 10 ga Afrilu 2024. Wanda ya zo ta WhatsApp kuma kamar IMG-20240410-WA0003.jpg, amma wannan ranar da aka karɓa ce, ba ranar da aka ɗauka ba. Hoton da ya haura shekara guda gara a ajiye shi, balle in an yi ƙiba ko rama, ko namiji ya tara gemu ko ya rage.

Abu na biyu shi ne gyaran da waya ke yi da kanta. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka fi yawa a hannun matasa, suna da tsarin gyaran fuska da ake rubutawa Beauty, kuma sau da yawa mai waya bai ma san yana kunne a kyamarar gaba ba. Yana goge fata, ya ƙara mata haske, wani lokaci ya rage faɗin haɓa ya ƙara girman ido. Gane shi ba wuya. A buɗa hoton a kan kunci: fatar gaske tana da 'yan ramuka da layuka, wadda aka goge kuwa sumul take kamar roba. A kwatanta launin fuska da na hannu ko wuya. Idan fuska ta fi hannu haske sosai, waya ce ta yi aikin. A duba kuma layukan da ke kusa da fuska, kamar bakin ƙofa ko gefen labule. Idan sun lanƙwashe daidai wurin kunci, an matse fuskar.

Abu na uku shi ne tazara, kuma shi ne babban laifin salfi ko da ba filta. Abin da ya fi kusa da kyamara ya fi girma a hoto. Tsinin hanci ya fi kunnuwa kusa da kyamara da kamar santimita 10. Idan waya na nesa da hanci da santimita 30, kunnuwa na santimita 40, sai hanci ya fito da girman da ya wuce ƙima da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da gefen fuska. Idan wani ne ya tsaya a mita ɗaya da rabi, tazarar ta zama 150 da 160, bambancin bai kai kashi 7 cikin ɗari ba, ido ba ya ma lura. Wani bincike da likita Boris Paskhover na Jami'ar Rutgers ya jagoranta a 2018 ya samu kusan haka: a tazarar santimita 30 hanci na ƙara faɗi da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Alamar hoton da aka ɗauka kurkusa ita ce tsakiyar fuska ya kumburo, kunnuwa sun ɓuya, goshi ko haɓa ya yi girma ya danganta da yadda aka karkata wayar.

A nan hoto na ɗaya ya faɗi: ya tsufa, kuma kwalliyar biki da gyaran mai hoto sun sa ko maƙwabta sai sun duba sau biyu. Na biyu, wanda ta fi so, shi ma ya faɗi. Fuskar ta fi hannun da ke riƙe da mayafi haske nesa ba kusa ba, kuncin sumul, ga shi an ɗauka a tsawon hannu.

Mataki na uku: zai jure ƙanƙancewa?

Mai hoto na kallonsa cike da fuskar waya. Wanda za a nuna wa kuwa sau da yawa zai fara ganinsa ne a ɗan da'ira ko ɗan akwati da bai wuce kan babban yatsa ba, wataƙila a wayar da gilashinta ya tsage, cikin rana. Don haka girman fuska a cikin hoton ya fi yawan megafiksel ɗin kyamara muhimmanci.

Lissafin mai sauƙi ne. Tsayin babban mutum ya kai kamar tsayin kansa sau bakwai da rabi. WhatsApp, idan ba a danna HD ba, takan rage hoto zuwa kimanin fiksel 1600 a ɓangarensa mafi tsawo. Ke nan a hoton tsaye da mutum ya cika shi daga sama zuwa ƙasa, kai bai wuce kimanin fiksel 213 ba. Idan aka yanke shi don fuska ta cika, sai ya farfashe, idanu su zama ɗigo biyu. Hoto na huɗu ke nan: ya zo ta WhatsApp, mutum huɗu ne a ciki, in aka yanke ƙawayen ba abin da zai rage sai dusasshiyar fuska da kafaɗar wata a gefe. Ya fita.

Hoto na uku kuwa asalinsa na cikin wayarta. Kyamarar da ke ajiye hoto mai megafiksel 12 na ba da fiksel 4000 a tsaye, don haka kai ya kai kusan 500. Za a iya yanke shi daga ƙirji zuwa sama, allon shago da mota su fita, fuskar ta tsaya da kyau. Bayan yankewa sai a sake duba Details, domin yanka ba lallai ya goge wurin da aka ɗauka ba. In yana nan, ta tura wa kanta hoton ta WhatsApp da HD ta ajiye wannan kwafin.

Sai haske. Kyamarar waya na auna hasken hoton gaba ɗaya. Idan akwai farin abu mai yawa, kamar farin hijabi ko farar shadda ko taga a bayan mutum, sai ta rage haske don kada farin ya ƙone, fuska mai duhun fata kuma ta nutse. Ranar tsaka ma ba ta da kyau, tana sa inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hanci, ga kanne ido. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a buɗa hoton a kan idanu. Idan ana ganin ɗan ɗigon haske a cikin kowane ido, kuma ana bambance ƙwayar ido da gira, hasken ya isa. Irin wannan haske ana samunsa a inuwa ana fuskantar fili, da hantsi ko bayan la'asar. Lokacin hunturu ma hazo na tausasa rana, hoto ya fito ba inuwa mai kaifi.

Gwajin ƙarshe a wannan mataki: a koma shafin da hotuna ke jere ƙanana-ƙanana, a rage hasken waya zuwa rabi, a miƙe hannu. Hoton da har yanzu ake gane mai shi da yanayin fuskarta ya wuce. A misalin nan na biyar ya wuce sarai. Na uku da aka yanke ya wuce. Na shida ya wuce da ƙyar, domin farin hijabi ya ɗan dusar da fuskar, sai dai hasken taga ya ceci idanun.

Mataki na huɗu: a ba wasu su zaɓa

Saura uku, kuma a nan mai hoto ke janye hannunta. A binciken Ostireliya baƙi ne suka yi zaɓin, amma ba hikima ba ce budurwa ta rarraba hotunanta ga baƙi don jin ra'ayi. Abin yi shi ne ta nuna a fuskar wayarta, ba turawa ba, ga mutum biyar ko makamancin haka, kowa shi kaɗai. Idan aka tara su wuri guda, duk za su bi bakin babbar cikinsu.

Kada a nuna ukun a tare a ce wanne ya fi kyau. A nuna bibbiyu: na uku da na biyar, na uku da na shida, na biyar da na shida. Zaɓi tsakanin biyu ya fi sauƙi, amsar kuma ta fi tsayawa. Tambayar ma a raba ta. Waɗanda suke ganinta kullum, kamar mama da ƙanwa, a ce musu: wanne ne ya fi kama da ni yadda nake yanzu? Waɗanda ba su saba da ita sosai ba, kamar matar kawu ko ƙawar yaya, a ce: in ba ki san ni ba, wacce za ki fi sakin jiki da ita? Kada ta faɗi wanda take so kafin su amsa, kuma ta riƙa sauya wanda take fara nunawa.

A ce a nan mutum huɗu cikin biyar sun fifita na biyar a kan sauran biyun. Shi za a bayar, ko da ita tana ganin bai kai salfin nan kyau ba. Dalilansa a fili suke: tazarar ɗauka daidai, ba filta, ido na kallon kyamara, ɗan murmushi, bango ba komai. Idan manhajar na karɓar hoto fiye da ɗaya, na uku da aka yanke sai ya biyo baya. Idan kuwa ƙuri'u suka rabu daidai, bambancin ba shi da yawa, sai a ɗauki wanda 'yan gida suka ce ya fi kama.

Idan duk hotunan suka faɗi, ba sai an je sutudiyo ba. A goge gilashin kyamarar baya, a kashe Beauty, a ba wani wayar ya ja baya taku biyu, ya riƙe ta daidai tsayin ido. A tsaya a inuwa ana fuskantar haske, mai ɗauka ya taɓa fuskar a allo don kyamara ta auna hasken da ita. A ɗauki kamar goma ana hira, domin fuskar da ke jiran a danna takan sandare.

Ɓangaren maza

Matakan ba su sauya ba, kurakuran ne suka bambanta. Baƙin tabarau na rufe wurin da mai kallo ke fara neman amana. Hula mai baki na jefa inuwa a kan ido, alhali zanna ko ƙube ba sa yin haka. Ɗaukar hoto daga ƙasa, waya a kan cinya ko sitiyari, na faɗaɗa haɓa da hanci. Jingina da mota kuwa asara biyu ce: in ta wani ce, ranar da aka gane an shiga kunya, in tasa ce, ya tallata abin hannunsa ga wanda bai sani ba. Haka hoton cikin shago da kaya jibge a baya, wanda ɗan kasuwar Shinkafi zai iya gani a matsayin shaidar sana'a. Sana'a a faɗe ta da baki idan magana ta yi nisa.

Bayan an zaɓa

Zaɓar hoto daban, yanke wanda zai gan shi daban. Muzz na ba da damar a dusar da hotuna har sai mai su ya buɗe wa wanda ya ga dama, tana kuma ba da damar sa waliyyi ya riƙa ganin hirar. A WhatsApp akwai View once, wanda ke sa hoto ya ɓace bayan an buɗe shi sau ɗaya, ya kuma hana ɗaukar hoton allo. Sai dai iyakarsa ke nan, ba ya hana wani ya ɗauko waya ta biyu ya ɗauki fuskar ta farko. Saboda haka ma'aunin ƙarshe shi ne wannan: in hoton ya faɗa hannun baba ko limamin unguwa ko wanda ba a so, akwai abin da zai tayar da hankali a cikinsa? Idan babu, a tura. Idan akwai, ko da ya fi sauran kyau, ya zauna a waya.